Foldar da Mama Ta Sa Na Kulle

Yayarmu ce ta buɗe albam ɗin. Malamar makaranta ce, kuma ko a gida ba ta iya ganin mutum uku zaune ba ta tsara su a layi ba. Ta sa masa suna "Gidanmu", ta aiko wa kowa mahaɗin shiga, ta biyo da doka: kowa ya zuba hotunansa a nan, a daina cika mata waya da hoto ɗaya da aka turo sau goma. Muka shiga, har Mama, wadda sai da aka nuna mata inda za ta danna. Daga ranar ta samu aikin yi. Duk hoton jikan da aka ɗora, ita ce farkon danna alamar zuciya, ta rubuta a ƙasa, "Wannan kan na kakansa ne, Allah ya sawwaƙe."

Hotonta da jikoki ya fi komai yawa a ciki. Ga ta da na Yaya a cinya, ga ta tana goye da ɗan Auta, ƙanenmu direban babbar mota, ga ta tana yi wa wani kitso yana ihu. Mace ce mai jiki da son ado, ba a ɗaukarta hoto sai ta gyara ɗaurin kai.

Ni ce na makara da haihuwa. Lokacin da 'yata ta zo, wadda muke kira Ɓulɓul saboda kumatunta, ciwo ya riga ya kama Mama. Magani ya zubar mata da gashi, zobenta ya koma yawo a yatsa. Na dawo da ita gidana, ɗakin da nake ɗinki, na ture keken zuwa bango don gado ya shiga. A nan ta yi jinya, tsakanin ƙyallaye da kwalaben magani, jaririya kwance a gefenta.

Wata rana Auta ya biyo da mota ya tsaya dubiya. Mutum ne mai kirki, amma hankalinsa kullum yana baya da hannunsa. Ya ɗauki Mama hoto tana kwance, kai ba ɗankwali, ya jefa a albam kafin ma ya fita ƙofa. Kafin la'asar dangi sun yi ca a ƙasan hoton. "Allah sarki, haka ta koma?" "Wallahi ban gane ta ba." Babu wanda ya tuna cewa mai hoton tana cikin albam ɗin, kuma ita ce ta fi kowa leƙawa.

Na same ta riƙe da waya, tana karantawa ɗaya bayan ɗaya.

"Sun fara yi mini ta'aziyya ina raye," ta ce.

Na kira Auta na wanke shi tas. Ya cire hoton daga albam, yana ta ba da haƙuri. Amma Mama ba ta ƙara danna zuciya a hoton kowa ba.

Ni ma ina da nawa a waya, da yawa, duk ita da Ɓulɓul. Na gaya mata, na ce in ta ce in goge zan goge. Ta daɗe tana kallon jaririyar.

"Kar ki goge. Ita ma ya kamata ta san na ɗauke ta. Amma ban yarda kowa ya gan ni a haka ba. Ita kaɗai, in ta yi wayo."

Sai na nuna mata folda mai kulle da ke cikin manhajar hotuna. Na ce duk hoton da aka mayar can yana ɓacewa daga cikin sauran, ba ya fitowa ko an bincika, ba a iya tura shi ko a sa shi a albam sai an fito da shi, kuma ba ta buɗuwa sai da lambar buɗe wayar. Da na zo shiryawa, wayar ta tambaya ko a riƙa ajiye kwafin foldar a intanet.

"Me take cewa?" in ji Mama.

"Wai ko a ajiye wani a sama, ko da wayar ta lalace."

"Saman da ɗan'uwanki ya kai ni? A'a. Su zauna a hannunki."

Na so in yi mata bayanin cewa ba ɗaya ba ne, cewa wannan ajiyar ba mai gani sai ni. Amma ta gaji, idonta ya fara rufewa, ni ma kuma a ranar ban yarda da komai ba. Na danna a'a. Daga nan kowane hoto na ɗauka, a gabanta nake mayar da shi ciki. Har ta saki jiki ta koma yin dariya a hoto. Akwai wani bidiyo da Ɓulɓul ta kama mata hanci ta ƙi saki, Mama tana cewa, "Sake ni, ja'ira, shi kaɗai ya rage mini mai ƙiba."

Ta rasu Ɓulɓul ba ta fara rarrafe ba.

Ban cika buɗe foldar ba bayan haka. Sanin tana nan ya ishe ni. Wani lokaci in ɗinki ya tsaya mini sai in buɗe in kalli bidiyon hancin, in yi kukana, in rufe. Ko maigidana bai san da ita ba. Mama ta ce kowa, kuma shi ma kowa ne.

Shekaru suka ja, wayar ta tsufa. Fuskarta ta tsage, caji ba ya kai ta azahar, masu ɗinki suna ƙorafin ba sa samuna. Maigidana mai gyaran wutar lantarki ne, irin mutanen nan da ba sa iya kwana da abu a lalace cikin gida. Wata Asabar na bar wayar a caji na tafi kasuwa sayen zare da shafi. Na dawo na tarar da shi a falo yana murmushi kamar ango, sabuwar waya a kan tebur.

"Taki ce," ya ce. "Na gama komai. Lambobinki sun dawo, hotunanki sun dawo, ga albam ɗinku nan. Sai da na duba sosai."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Har na rungume shi. Sai na ce, "Ina tsohuwar?"

"Na wanke ta, na goge komai, na mayar da ita kamar sabuwa. Ƙanwata ta zo ta karɓa, za ta canja mata gilashi."

Ledar zaren ta faɗi daga hannuna. Na buɗe manhajar, na nemo foldar, na sa lamba. Ta buɗe, fara fat, tana gayyata ta in sa hotona na farko.

Ban san na iya irin wannan ihun ba. Na faɗa masa maganganun da har yau ba na son tunawa. Na ce wa ya aike shi, na ce hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, na ce ya sake kashe mini uwa. Yana tsaye yana kallona, bai ma san me ya ɓata ba. Da na iya yi masa bayani, sai ya zauna a ƙasa, a kan tayil, ya dafe kai.

"Na duba ko'ina," yake ta cewa. "Wallahi ban ga komai ba."

Ai ba zai gani ba. Don kada a gani aka yi ta.

Washegari ya karɓo wayar daga ƙanwarsa, muka je layin masu gyara. Shago uku muka shiga. Na ƙarshe dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, ya saurare mu har ƙarshe bai katse ba.

"An kunna ajiyar foldar a intanet?"

"A'a."

"To a cikin wayar nan kaɗai suke. Abin da aka mayar can, ko da yana sama a da, ana cire shi daga saman. Wayoyin yanzu kuma in an wanke su, mabuɗin da ke karanta abin ciki yana tafiya da wankin. Wanda ya ce zai dawo muku da su, wahalar da ku zai yi. Ki yi haƙuri, 'yata."

Muka dawo gida. Na yi kwanaki ina magana da maigidana da ka kawai, alhali na san ba shi da laifi. Ba wanda ke da laifi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na rasa wanda zan riƙe.

A cikin kwanakin nan Ɓulɓul ta gano albam. Ta kai shekarun tambaya, sabuwar wayar kuma tana da faɗin fuska. Ta hau cinyata ina gaban keke, tana jan hotuna da yatsa, tana kiran sunan kowa.

"Ga Kaka da ɗan Inna babba. Ga Kaka da ɗan Kawu. Ga Kaka tana kitso." Ta ja, ta ja, har ƙasa. Ta ɗago. "Umma, ina ni?"

"Kina jaririya lokacin."

"Kaka ba ta ɗauke ni ba?"

"Ta ɗauke ki. Kullum."

"To ina hoton?"

Na sauke ta na shiga bayi na kunna famfo.

Yayarmu na gaya wa abin da ya faru, ita kuma ba ta iya riƙe magana. Da yamma Auta ya kira daga wata tasha, ina jin ƙarar injina a bayansa. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito.

"Yaya ƙarama, kar ki zage ni. Hoton nan da na sha faɗa a kansa. Daga albam na cire shi, amma yana wayata. Na kasa gogewa."

Ya turo mini ni kaɗai. Na daɗe ban buɗe ba. Shi ne dai: kai ba ɗankwali, wuya duk jijiya, idanu a rufe, ranar da ta fi kowace muni. Babu dariya, babu hanci a hannun jaririya. Daga duk abin da muka tara ni da ita, wanda ta fi ƙi shi ne ya tsira. Amma a can ƙasa, gefen dama, inda Auta bai ma lura ba, hannun Mama ne da zoben nan mai yawo, riƙe da wata 'yar ƙafa mai kitse.

Na mayar da cikakken hoton cikin foldar, wannan karon na kunna ajiyar, ina ba Mama haƙuri a zuciyata. Kwafin da na bari a waje kuwa na yanke shi, na cire fuskar, na cire gadon da kwalaben, har ya rage hannu da ƙafa kawai, dishi-dishi saboda ƙanƙanta. Shi na ɗora a "Gidanmu". Maigidana yana bakin ƙofa yana kallo, na yafito shi ya zo ya zauna.

Na kira Ɓulɓul na nuna mata.

"Ga ki nan. Ga Kaka."

Ta kawo fuska kusa da wayar, ta sa yatsa biyu tana ƙoƙarin ja da hoton baya don sauran ya fito, kamar yadda ta ga ana yi. Ta gwada, ta sake gwadawa.

"Umma, ya ƙi buɗuwa," ta ce. "Ina sauran Kaka?"