Kwalin da Ba Shi da Ƙasa

Tun da Auta ya rasu a daminar bara, yayansa Harisu bai bar kowa ya hau mashin ɗinsa ba. Yana nan jingine a zaure, babu madubi ko ɗaya, an lulluɓe shi da tsohon buhun gero. Wayar Auta kuwa a aljihun Harisu ta zauna, kuma ita ce ta janyo maganar.

Harisu ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin da ba ya yarda da mudu sai ya ƙwanƙwasa gindinsa. Wasan waya a wurinsa aikin marasa abin yi ne. Amma wata rana ya buɗe wayar don neman hoton ƙanensa, sai ya faɗa cikin wasan ƙwallo, ya tarar da ƙungiyar da Auta ya haɗa, ya raɗa mata suna Yaran Kusugu. Ko'ina ƙwararren ɗan wasa ne mai katin zinariya, ban da raga. Can wani gola ne na jeka-na-yi-ka. Wanda Auta yake nema, golan da ake kira Damisa, ba a sayar da shi kai tsaye. Sai dai ka sayi akwati a rufe, ka buɗe, ka ga rabonka.

Akwatin farko kyauta aka ba Harisu. Akwatin ya girgiza, ya yi walƙiya, aka buga ganga, sai ga ɗan wasa ya fito. Ƙirjin Harisu ya buga irin bugun da ya manta da shi shekara talatin.

Don kuwa ya san wannan bugun. Suna yara, akwai wani Azubuike da ya zo daga kudu ya kafa tebur kusa da tasha, yana sayar da cingam mai hoton 'yan ƙwallo a cikin leda. A kowane kwali akwai hoto guda mai sheƙi, guda tak. Yaran unguwa sukan yi rububi da an fasa sabon kwali, amma Harisu da Auta sun fi su wayo. Sai su zauna a kan dakali, Auta yana leƙen kwalin yana ba da rahoto. Idan ya kusa ƙarewa kuma ba a ji wani ya yi ihu ba, sai su zazzage kuɗin tararsu su kwashe sauran. Ranar da mai sheƙin ya fito, Auta ya yi ta gudu har gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Kai, Harisu yana kewar wannan yaron, kewa mai ciwo.

To, da wannan tsohon wayon ya shiga sabon wasa. A wani ɗan lungu na allon an rubuta da ƙananan haruffa cewa Damisa yana fitowa sau ɗaya cikin ɗari biyu. Harisu ya yi murmushi. Auta ya buɗe nasa da yawa, shi ma zai ƙara, ai kwalin ya kusa ƙasa.

Ba da naira ake sayen akwatin ba, da lu'ulu'un cikin wasan ne, shi kuma lu'ulu'un da naira, don haka hannu ba ya jin zafin fitar kuɗi. Kullum kuma sai ɗan canji ya rage wanda bai isa akwati ba, ya yi ta kallonka kamar maraya har ka ƙaro masa. Wani lokaci hasken ya zama ruwan zinariya, a nuno safar hannun gola, Harisu ya miƙe tsaye a tsakiyar rumfa, sai a fito da wani daban. Wani lokaci kuma a jefo masa ɗan wasa mai kyau ba zato, ya ji daɗin da zai riƙe shi mako guda. Da a ce kullum asara ce da ya daina tuni. Ribar gero ta bi ta nan, ta wake ta bi bayanta.

Sai wasan ya kafa agogo: ranar Lahadi za a janye Damisa. Ran Asabar da hantsi Harisu ya yaye buhun, ya tura mashin ɗin Auta zuwa shagon Azubuike, wanda yanzu kayan gyaran babura yake sayarwa, kansa ya yi fari fat. A hanya yana gaya wa kansa cewa don Auta zai sayar. Zuciya dai ba ta rasa lauya.

Azubuike ya dubi mashin ɗin, ya dubi wayar da ke hannun Harisu, ya ajiye sifana.

"Harisu, golan nan ne ko?"

"Wa ya gaya maka, Oga Azu?"

"Ni da na sayar muku da cingam? Zauna."

Harisu bai zauna ba. Ya ce, "Saura kaɗan. Tsakanina da marigayi mun buɗe fiye da ɗari biyu. Ka tuna yadda muke yi wa kwalinka."

"Na tuna, kun cuce ni ba sau ɗaya ba," in ji Azubuike yana dariya. Sai dariyar ta tsaya. "Kwalina yana da ƙasa. Duk cingam ɗin da yaro ya ɗauka ya fita ke nan, saura ya ragu. Wannan fa? Wanda ka samu jiya, ba ya sake fitowa?"

Harisu ya dubi wayar. Akwai wani ɗan baya mai gemu da ya fito masa har ya gaji da ganin fuskarsa.

"Ba ni na gano ba," Azubuike ya ci gaba. "Auta ne, a kan bencin nan. Ya ce, 'Oga, kowane akwati sabon kwali ne cike, ba ya tuna na jiya. Na ɗari biyu da na farko duk ɗaya ne.' Ya ce in mutum uku suka buɗe ɗari bibbiyu, ɗayansu zai tashi hannu rabbana."

"Ya sani, ya ci gaba?"

"Sani daban, bari daban. Amma ya bari daga baya."

Tsohon ya shiga ciki, ya daɗe yana motsa kwalaye, ya fito da madubai biyu ɗaure da roba. Ya ce Auta ya fara sayar masa da na hagu, bayan mako biyu na dama. Ran nan ya turo mashin ɗin gaba ɗaya, suka yi ciniki, ya miƙo makulli. Da ya ɗaga kujera don kwashe takardunsa, sai ya tsaya, ya ce ya fasa.

Harisu ya ɗaga kujerar. A cikinta, manne da salatif, ga hoton nan mai sheƙi. Sheƙin ya dusashe, gefensa ya cinye, amma shi ne.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa, tana tuna masa cewa lokaci na ƙurewa. Gaskiya yatsansa ya yi ƙaiƙayi, har yanzu wani abu a ransa yana cewa na gaba ne. Ya kife ta a kan benci.

"Nawa madubin?"

"Yadda na saya. Ban taɓa sa su a kasuwa ba."

Azubuike da kansa ya ɗaura su. Mashin ɗin ya yi gardama, ya yi tari, sannan ya tashi. Harisu ya hau ya nufi hanyar Mai'adua, ba don yana da abin yi a can ba, sai don ita Auta yake bi kowace ranar kasuwa. Bayan ya fita gari ya kai hannu zai gyara madubin dama, ya karkato shi, sai ya ga goshi da idanu irin na gidansu suna kallonsa. Ya sauka gefen titi, ya kashe mashin, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.