Lambar Rangwamen Naomi

Yusra yarinya ce mai ji da boko, irin waɗanda ko kunu za su dama sai sun buɗe laftof. Ita ke riƙe da tallan man shafawar da yayarta Anti Lantana ke haɗawa da man kaɗanya a Gwarinpa. Wata guda da ya wuce ta ɗauki 'yan TikTok biyu su tallata man. Ɗaya Juliet, mai mabiya dubu ɗari huɗu da farce kamar cokali. Ɗaya Naomi ta Nyanya, mabiyanta dubu shida, wayarta ma fuskar a tsage take. Kowacce aka ba ta lambar rangwame. Duk wanda ya yi oda ta WhatsApp ya faɗi lambar, a rage masa kashi goma, a kuma san wa ta turo shi.

Wata ya cika. Lambar Juliet sittin da ɗaya. Lambar Naomi uku.

"Uku fa," in ji Anti Lantana. "Ɗaya ma na tabbata ita ta saya. Ki kira ta ki sallame ta cikin mutunci."

Ita Yusra ce ta nace a ɗauki Naomi tun farko. Bidiyon da Naomin ta yi ba rawa ba fitila. Naomi ce kawai zaune a tabarma tana shafa wa babarta mai a hannu, hannun da noman doya ya farfasa, tsohuwar tana cewa, "Kai, wannan abu yana da sanyi." Yusra ta kalla ya fi sau ashirin. Kuma ta san da kuɗin tallan nan Naomi ke haɗa na makarantar koyon jinya.

"Anti, ba ni zuwa gobe."

"Goben ma ukun ne, 'yar boko."

Maimakon kira, sai ta koma kan sittin da ɗayan Juliet, ta gwada lambobin wayar da na tsofaffin kwastomomi. Arba'in da huɗu mutanensu ne tun bara. Da ma za su saya, rangwame kawai suka tsinta a ƙasa. Sababbi sha bakwai. Ba laifi, amma ba abin a yi guɗa ba.

Tana cikin haka Sabo ya kira, mai shagon kayan kwalliya a kasuwar Nyanya, ɗaya daga cikin masu sarar man.

"Hajiya ƙarama, a ƙaro katan biyu."

"Oga Sabo, ba ranar Litinin aka kawo maka ba? Sha kake yi?"

"Zo ki gani da idonki."

Washegari ta sha go-silon Nyanya har ta fara zagin bokon nata. Ba ta yi minti goma a shagon ba wata mata mai goyo ta shigo, ta miƙa wa Sabo waya.

"Oga, ba ni wannan, wanda yarinyan nan ya shafa ma mamanshi."

Yusra ta matso. "Mama, ba ki da lambar rangwame?"

"Wane lamba? Ni zan yi ciniki da bakina."

Sabo ya kwashe da dariya. "Kin ji ko? Nan ba a oda, ba a lamba. Sai sun buɗe sun shinshina, su zage ni a kan farashi, sannan su saya. Wasu biyu suke ɗauka, ɗaya na tsohuwa a ƙauye."

"Me ya hana ka faɗa mana?"

"Wa ya tambaye ni?"

Nan kunya ta kama ta. Ta dasa ma'auninta a WhatsApp, mutanen Naomi kuwa da ƙafa suke zuwa.

Amma ta san Anti ba ta sayen labari. A motar dawowa ta jera abin. Watanni uku kafin bidiyon, Sabo katan biyu yake ɗauka duk wata. Wannan watan bakwai. Ko kasuwa ce ta buɗe wa kowa? Ta duba sauran masu sarar man, shagon Jabi da na Gwarinpa, suna nan inda suke. Farashi bai canza ba, ba salla ba Kirsimeti.

Anti Lantana ta sa tabarau ta duba. "Kin tabbata duk ita ce?"

"Duka dai ba zan rantse ba. Amma Nyanya kaɗai ya tashi, kuma a satin da ta saka bidiyon ya fara. Wata mai zuwa Sabo zai riƙa tambayar duk mai saye inda ta ji labari."

Anti ta ce a kunna mata bidiyon. Ashe ba ta taɓa kallonsa har ƙarshe ba. Da ya ƙare ta cire tabarau ta goge ido, wai fanka ce.

"Kira ta."

Naomi na ɗauka ta riga su magana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Anti Yusra, na san lamba na bai yi aiki ba. Sauran mai guda biyu yana nan, ban buɗe ba, zan kawo."

Anti Lantana ta karɓe wayar. "Ke 'yata, kawo me? Wata uku za mu ƙara da ke, kuma ba a tsohon farashi ba."

Can sai suka ji ta cire wayar daga kunne tana ƙwala kira, "Mama! Mama, zo ki ji!"