Sunan Mai Karɓa

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagon taya a Dogo Tebo, amma Zainulabideen kamfani yake kiransa. Babansa, babban ɗan kasuwar shanu, shi ke biyan haya da albashi, kuma ya ce zangon nan ne na ƙarshe: ko mu nuna masa manhajar biyan kuɗi da makiyaya za su iya amfani da ita, ko ya rufe aljihu. Ni Sauda, aikina in rubuta abin da za a gina dalla-dalla, Bubayaro ya gina, in gwada.

Dabarar Zainulabideen ce a riƙa tabbatar da biya da murya. Na rubuta labarin mai amfani yadda aka saba: "A matsayina na mai biya da ban iya karatu ba, ina so in tabbatar da wanda zan tura wa kuɗi da bakina, don kada su tafi wurin wani." Wannan kam ba laifi. Rigimar tana wajen sharuɗɗan karɓa, wato abubuwan da sai sun cika za a ce aiki ya kammala.

Zainulabideen ya tsaya a kaina yana shifta kamar malamin firamare. Idan an zaɓi mai karɓa, waya ta karanta sunansa yadda yake a asusu. Idan mai biya ya maimaita sunan daidai, kuɗi su tafi. Idan ya ƙara kalma ko ya rage, a ƙi. Idan ya kuskure sau uku, a kulle asusunsa sai gobe.

Na ce, "Oga, wadda za ta tura wa mijinta fa? Ko ɗan farinta? Innata har yau ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba. A ƙara sharaɗi: wanda ba zai faɗa ba ya danna lambar sirri."

"Wannan ba ya cikin aikin wannan zangon," in ji shi. "Sa shi a layin jira. Malama Sauda, mu fa muna gina gobe ne."

Layin jiran nan kuwa maƙabarta ce, abin da ya shiga ba ya fitowa. Haushi ya kama ni, amma shi ne mai tsara abin da ke gaba da abin da ke baya, sai na rubuta yadda ya ce. Bubayaro ya gina shi tsaf, na gwada kowane sharaɗi da sunayenmu na ofis, duk suka wuce.

Ranar nuni Alhaji, baban Zainulabideen, ya hawo benen da abokansa biyu na kara, kasuwar shanu, dattawa masu furfura, suna haki. Zainulabideen ya sha babbar riga, ya cika su da bayani har shayi ya huce.

Alhaji ya ce, "Na ji. Turo mini wani abu in gani."

Zainulabideen ya zaɓi asusun baban. Wayar ta buɗe murya tar, ta ce, "Muhammadu Lawan. Maimaita sunan."

Zainulabideen ya kai wayar bakinsa, ya ce, "Baba."

"Ba daidai ba ne. Maimaita sunan."

Ya yi ƙasa da murya: "Alhaji Muhammadu Lawan."

"Ba daidai ba ne. Saura gwaji ɗaya."

Ya waiwayo yana kallona, wai ni zan cece shi. Da me? Na ce, "Sharaɗi na uku ne, Oga. Ba a ƙara kalma." Wallahi har raina na ji daɗin faɗin haka, Allah Ya yafe mini.

In ya yi shiru, nuni ya mutu. In ya sake kuskure, asusu ya kulle a gaban baƙi. Sai ya runtse ido, ya kira sunan ubansa gatsau, ba Alhaji ba Baba, yadda ake kiran yaron shago.

Wayar ta ce, "An biya." Ta Alhaji ta yi ƙara a aljihu, bai ko taɓa ta ba. Dattawan nan biyu suka sunkuyar da kai, ɗaya yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba.

Zainulabideen ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ka gani, Baba, duk sharuɗɗan sun cika."

Alhaji ya miƙe a hankali, ya saɓa rigarsa. "Sun cika. Tun da aka haife ka ban taɓa jin sunana a bakinka ba, sai da na biya aka ƙera abin da zai koya maka. Kuma so kake in kai wannan kara, in miƙa wa 'ya'yan mutane." Ya juyo gare ni. "'Yata, ku kwashe kayanku kafin ƙarshen wata. Mai taya yana neman ɗakin ajiya."