Makullin da Ke Gidan Likita

Abin da Zuwaira take jira shi ne wayar ofis ta yi ƙara, ita kuwa wayar ta yi shiru kamar an aiko ta.

Zuwaira ce mai kula da na'urorin wani ƙaramin asibiti a Madarumfa, inda ake duba masu farfaɗiya da taɓin hankali. Mutane daga Gabi da Sarkin Yamma suna zuwa a ɓoye su karɓi magani, don a nan in aka ji yarinya tana faɗuwa, maganar aurenta ta mutu. Kowane ma'aikaci da asusunsa na shiga kwamfuta, kuma iya aikinsa yake gani. Sai asusu ɗaya na gaggawa, wanda aka ajiye don ranar da kowa ya kasa shiga. Shi yana iya ba kowa izinin komai. Ana buɗe shi da ɗan makulli da ake soka wa kwamfuta, a buga lambar sirri. Makullan biyu ne: ɗaya a akwatin ƙarfen ofis, ɗaya a gidan Likita Maman, shugaban asibitin. Duk wanda ya shiga, saƙo zai faɗo a wayar ofis nan take.

Ƙa'ida ita ce a riƙa gwada shi duk bayan wata uku, amma azumi ya zo, damina ta biyo, aka yi ta cewa sai an samu sarari. Yau da hantsi suka samu. Likita ya tsaya shaida, ta fito da makullin, ta shiga lafiya lau. Saƙo ne bai zo ba.

Ta kira lambar wayar da tata. Layin a rufe yake; an daɗe ba a sa masa kati ba, kamfani ya kashe shi. Ta buɗe tarihin shiga, tana fatan ta ga na yau kaɗai. Ta ga wani, tun farkon damina, da makulli na biyu.

Ta juya ga Likita. "Lokotoro, kile ɗin, makullin nan da ke gidanka, yana ina?"

Likita Maman mutum ne da ba ya tsoron jini, amma ya ƙi kallon idonta. "Yana nan. Sau guda na ba Gambo aro."

Gambo shi ne mai ba da magani, kuma yayan matar Likita ne.

"Da kod ɗin, lambar sirrin?"

"Kin tahi Maraɗi ranan, kont nashi na shiga kwamfuta ya rufe, mutane na jira. Ya roƙe ni gaban mutane, ɗiyata. Surukina ne, mi zan ce mishi? Da marece ya maido."

Kunyar suruki ke nan, wadda babu na'urar da ta san da zamanta. Zuwaira ta ci gaba da dubawa. Gambo bai tsaya ga buɗe asusunsa ba. Ya ƙara wa kansa izinin karanta bayanan marasa lafiya, don haka ko da ya mayar da makullin, ƙofar tana buɗe gare shi.

Ta duba abin da ya karanta. Ba tsofaffi, ba yara. 'Yan mata ne da samari. Ta san Bilki, wadda aka fasa aurenta bayan Babbar Sallah ba a faɗi dalili ba. Ta san Mansur mai kamun kifi, wanda aka mayar wa kayan aurensa. Sai ta tuna yadda dattawa suke yawan tsayawa tagar Gambo ba takardar magani a hannu. Duk garin an san shi da iya binciken aure, har yabonsa ake yi.

"Innalillahi," in ji Likita, ya zauna a kan benci.

Tsoro bai hana ta aiki ba. Ta cire izinin Gambo, ta dakatar da asusunsa, ta soke makulli na biyu. Ta mayar da saƙon ya riƙa zuwa wayarta da ta Likita da ta babban ofis, ta fita ta sake shiga don gwaji. Amma idonta yana guje wa saman jerin, inda na baya-bayan nan suke, don akwai sunan da take roƙon Allah kada ta gani.

Ƙanwarta Hafsatu tana shan magani a nan tun tana makaranta, kuma ta daina faɗuwa. An kawo kayan sa ranarta da Yusuf. Hafsatu ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta wannan makon, in sun zauna bakin tafki, ta nuna masa maganin.

Zuwaira ta ɗaga ido. Sunan yana nan. Shekaranjiya aka buɗe.

Wayarta ta yi ƙara, saƙon gwaji ya iso yadda ya kamata. Ba ta gama karanta shi ba kira ya shigo a kansa. Innarta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Zuwaira, ki taho gida. Gwaggon Yusuf na nan zaune da wata mata. Na kawo musu ruwa ba su sha ba, sun ce akwatunan suka zo ɗauka."