Takalmin da Baduku Ya Ce Sarowa Ya Yi

Ranar Talata da la'asar aka buɗe wa Baduku asusunsa na kasuwanci, bayan kwana ashirin da uku a rufe. Wasiƙa ta uku ce ta buɗe shi, kuma ita kaɗai ce mai ƙarya a cikin ukun.

Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗinka takalman fata a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Shekara huɗu da suka wuce 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta buɗe masa asusu a wata manhajar saye da sayarwa. Tun daga nan yawancin cinikinsa ta waya yake shigowa.

Saƙon dakatarwar layi huɗu ne. An samu ƙorafi yana sayar da jabun kaya. Yana da kwana talatin ya ɗaukaka ƙara, in suka wuce a rufe asusun har abada, kuma ba a buɗe wani da katin shaida ɗaya. Kayan da ake magana a kai takalmi ne mai igiya uku a kitse, wanda shi ya fitar da fasalinsa tun 'yar tana goye. Masu ƙorafin wani babban kanti ne da ya yi rajistar tambarinsa a manhajar.

'Yar ta nemo shafinsu ta miƙa masa wayar. Takalminsa ne sak, sai dai na roba, aikin inji, da tambari a dunduniya. Ya daɗe yana kallo.

"Na san su," ya ce. "Bara sun sayi ƙafa shida, kowanne lambarsa daban. Har ragi na yi musu."

A kan bencin aiki suka rubuta wasiƙar farko, ita tana dannawa, shi yana faɗa. Akwatin rubutun harafi dubu yake ɗauka, don haka ta cire gaisuwa, ta cire tarihin wanda ya koya masa sana'a. A ƙasa an nemi rasit daga dilan da ya sayar masa da kayan, da sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa.

"Baba, rasit suke so."

Ya ɗaga hannuwansa, baƙi ƙirin da gam da rini. "To tambayi hannuwan nan mana, ko suna da shi."

Suka liƙa rasit ɗin mai fata, da hoton kwalayen da yake ɗorawa ya yanka fata a kai, waɗanda gefensu ya cinye don tsufa. Amsa ta zo kafin gam ɗin da ya shafa ya bushe: takardun ba su nuna inda aka samo kayan ba. Babu sunan kowa a ƙasa.

Wasiƙa ta biyu sashen taimakon 'yan kasuwa suka aika wa kai tsaye. 'Yar ta ɗauki hutun kwana ɗaya, ta ɗau hoton takalmi guda tun yana fata a shimfiɗe har ya kai ga ɗinkin ƙarshe. Suka haɗa da shaidar odar da kantin ya yi bara, da kwanan watan da ya fara saka hoton takalmin, shekara uku kafin su. "Ba na neman alfarma," in ji wasiƙar. "Ina roƙon mutum ɗaya ya buɗe hotunan nan ya duba." Aka ba su lambar ƙorafi mai tsawo, a gabanta an rubuta: ana dubawa.

Haka ta zauna. Takalma suka taru a kan kantar shagon har ƙasa. Wata tsohuwar mai saye ta kira ta ce ta nemi shafinsa ba ta gani ba, ko gaskiya ne abin da ake faɗa? Bai tambaye ta me ake faɗa ba.

Saura mako guda wa'adi ya cika, mai gyaran waya ya leƙo. Lauya ake ce masa a layin, ko da yake ko ƙofar kotu bai sani ba. Ya sa an buɗe wa mutum tara asusun da aka rufe musu, kuma ba ya bari a manta. Ya karanta wasiƙun biyu yana girgiza kai.

"Maƙwabci, wannan ai wa'azi ka rubuta. Wa ya ce maka gaskiya suke nema?"

"To me suke nema?"

"Tuba. Duba nan, maɓalli biyu ne. Ka danna 'ban yarda ba', ka shiga layin da ba ya motsi. Ka danna 'na amsa', sai su yi maka tambaya uku: me ya jawo, me ka yi a kai, yaya za ka hana gaba. Ka cika, ka koma kasuwa."

"Na amsa me? Ni na saci takalmina?"

"A'a, ba ka sata ba. Sarowa ka yi wurin wani dila da ba ka bincika ba. Kuskure ne, ka yi nadama, ka kwashe kayan. In ka ce kai ka ɗinka, ka zama masana'antar jabu, wannan kuwa ba a yafe shi."

'Yar ta shigo daga aiki da farin kayanta, ta tarar da zancen a tsakiya.

"Kawu Lauya, wannan shawara ce ko guba? Ya sa hannu a kan ƙarya, gobe su ɗaure shi da ita."

"'Yata, kin taɓa ganin an yi musu da injin awo? Ki ba shi abin da yake ci ki wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Baba, ka jira amsar ta biyu. Hujjarmu ta fi tasu."

Baduku ya dubi kalandar bango, ya dubi takalman da ke ƙasa. Ya tuna taurarin yabo na shekara huɗu da masu saye suka ba shi a shafin, da kalaman mutanen da bai taɓa gani ba suna yaba ɗinkinsa. In asusun ya tafi, da su zai tafi.

"Rubuta," ya ce wa Lauya.

'Yar ta ɗauki jakarta ta fita ta tsaya a bakin shagon mai aski.

Minti goma aka yi. Lauya yana da tsohuwar wasiƙa a wayarsa wadda ya yi wa wata mai turare, ya cire turare ya sa takalmi. Ya karanto da murya: "Na sayi kayan ne daga dilan da ban tantance ba. Na ɗauki alhakin wannan sakaci. Na cire kayan, kuma daga yau ba zan sayi komai ba sai da rasit." Ya miƙo wayar. Allon bai ji yatsan Baduku ba saboda kantar da aiki ya yi masa, sai a dannawa ta uku. Ya tashi ya tofar da yawu a kwata, ya dawo ya zauna.

Awa biyar bayan haka amsa ta zo, da godiya bisa gaskiyar da ya faɗa. An buɗe asusun. An cire takalmi mai igiya uku, kuma sake saka shi na nufin rufewa babu damar ɗaukaka ƙara. Alamar laifin za ta zauna a asusun wata shida.

Lauya ya zagaya layin yana cewa goma ke nan. Baduku ya tattara kwalayen takalmin ya zuba a leda, ya tura ƙarƙashin benci. Ƙafa goma sha huɗu da ya riga ya ɗinka ya jera su a bakin ƙofa don masu wucewa. Oda ta farko da ta shigo ta silifa ce, ya jawo fata ya fara yanka.

Da safiyar Laraba 'yar ta biyo ta shagon kafin ta wuce asibiti. Ta gaishe shi a tsaye, ya amsa yana kallon allura. Ta ɗauki wayarsa ta shigar da lambar wasiƙa ta biyu, mai hotuna goma sha ɗaya. Kwana ashirin ke nan da aika ta. A gabanta an rubuta: ana dubawa.