Sunan Garin Kunu

Zaituna, ungozoma ce 'yar Maraɗi da aiki ya kawo Gure. Ita ta haɗa garin kunun yara, na gero da wake da gyaɗa, ta sa masa suna Nuna, don kunu ne mai saurin nuna. Kafin ta tura a buga ledojin a Damagaram, sai da ta gwada sunan a kunnen Zabarmawa da Fulani da Tubawa. Ba ta gaya wa kowa nufinta, sai dai ta faɗi kalmar ta ce, "Me ka ji?" Babu wanda ya ji aibu.

Saura Barebari. Ta goya ɗanta, ta ɗauki samfurin leda ta je wurin maƙwabciyarta Ya Falmata, tsohuwar da ke riƙon jikoki.

"Iya, ga shi. An rubuta Nuna. Me kika ji?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hoton da ke jikin ledar, jariri mai ƙiba yana barci.

"Ɗan wane ne?"

"Ɗana ne, Iya."

"Yaushe?"

"Yaushe me?"

Ya Falmata ta ɗago kai. "'Yata, da Barbarci ma'anar nuna ita ce 'ya mutu'. Ga yaro ido rufe, ga kalmar a ƙarƙashinsa. Wace uwa za ta dama wa ɗanta wannan?"

Zaituna ta karɓi ledar ta kife, ta kwance goyonta, ta tashe shi daga barci don ta ga idonsa a buɗe.