Hannun Baba Markus

A shekarar da sojoji suka koma bariki, azumi ya faɗo cikin Disamba. A ofishin su Ramla da ke unguwar GRA an saba yin walimar ƙarshen shekara da rana tsaka, a ci shinkafa, a sha lemo, a watse. Bana babu hali, don yawancin ma'aikata suna azumi. Kuma a wurin walimar ne ake sallamar duk wanda ya yi ritaya. Na bana shi ne Baba Markus direba, wanda ya fi shekara talatin yana tuƙa motar ofis. Ya riga ya ɗaure kayansa, ya kuma gaya wa kowa cewa kafin Kirsimeti zai koma Pankshin da zama.

Alhaji Nasiru, mataimakin darakta, ya tara ma'aikata duka a ɗakin taro. Ya ce zamanin ba da umarni ya wuce, yanzu dimokuraɗiyya ake yi, don haka ƙuri'a za a kaɗa. Sai ya kawo shawararsa: a yi walimar ranar Talata bayan Kirsimeti, a zauren otal, bayan an idar da asham, kuma kowa ya ba da karo-karo daidai wa daida, don kada a ce an fifita wani. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Bai rufe baki ba ya ɗaga nasa.

Hannuwa suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Ramla, akawun da aka naɗa sakatariyar kwamitin walima, ta ga Hajiya Furera mai ajiyar fayil ta ɗaga, alhali surukarta tana kwance a gida ba ta iya tashi. Ta ga Anti Jummai mai buga tafireta ta ɗaga, ita da kowace shekara Zonkwa take yin Kirsimeti. Ta ga Tanko masinja ya ɗaga, shi da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Can kusa da ƙofa kuma, Baba Markus ya cire hularsa ya ɗaga hannu har sama.

Ita ma ta ɗaga. Wannan ne ya fi ci mata rai.

Da aka fito ta sami Baba Markus gindin darbejiya yana goge gilashin mota. Ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar matarsa da jikoki, sannan ta kasa daurewa.

"Baba, ranar nan fa kana Pankshin. Mi ya sa ka ɗaga hannu?"

"To 'yata, Alhaji yana kallona. Mutumin da na kai matarsa asibiti haihuwa sau uku, in ce mashi a'a a gaban jama'a?"

"Amma sallamarka ce."

"Sai ku ci nama a madadina," ya ce yana dariya. Amma ya ci gaba da goge wuri ɗaya a gilashin, wurin da babu datti.

Washegari Ramla ta bi mutane tebur-tebur, ba a gaban kowa ba. Hajiya Furera ta ce ko da rana ma da ƙyar take samun mai zama da tsohuwa, balle bayan asham, kuma maigidanta ba zai bar ta zuwa otal ba. Anti Jummai ta ce ta ɗaga ne don kada a ce Kiristoci sun ƙi abin da masu azumi suka zaɓa. Tanko ya ce niyyarsa ya biya, ya fasa ɗinka wa yara kayan Sallah. Wasu maza biyu ma suka ce ai su sun ɗauka Kiristocin ne suke son otal. Kowa kara ya yi wa wani, kuma babu wanda aka tambaya.

Ta shiga ofishin Alhaji Nasiru. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi mashi barka da shan ruwa, ta jero abin da ta ji. Ta roƙi a dawo da walimar Asabar ɗin kafin Kirsimeti, a farfajiyar ofis, daidai buɗa baki, a tashi kafin isha'i. A bar karo-karon abinci, kowa ya zo da kwano daga abin da aka dafa a gidansa, kamar ciyayyar da maƙwabta suke yi. Kyautar Baba kuma kowa ya saka abin da ya iya a asirce. Mai yara ya zo da su.

Alhaji ya ce masu rinjaye sun riga sun yi magana, shi ba soja ba ne da zai soke zaɓe. Ya ƙara da cewa Markus ɗin da take wa kuka ai shi ma ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, kai ka fara ɗagawa," in ji ta. "Wa zai bar nasa ƙasa?"

Ya dube ta ya ce yarinya, je ki yi aikinki.

Abin da bai lissafa ba shi ne, otal ɗin zaure kawai zai bayar. Girkin, kamar kowace shekara, matan ofis ne za su yi, ba a kuma taɓa sa wannan a ƙuri'a ba. Da Ramla ta ba su labari, Hajiya Furera ta gyara mayafi ta nufi ofishinsa, Anti Jummai na biye. Daga waje Ramla ta ji Hajiya tana cewa ita tukunya ɗaya take ɗorawa a azumi, ta gidanta. Anti Jummai ta ce ita ranar tana Zonkwa, sai dai in mazan da suka yi rinjaye za su soya ƙosai.

Kafin a tashi aiki Alhaji ya sauko daga maganar otal. Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a farfajiya. Kwanuka suka yi ta zuwa, kunun tsamiya, ƙosai, alale, dabino. Tanko ya kawo rake yankakke, yara suka yi masa caa. Anti Jummai ta bar gwajin waƙoƙin coci ta zo da gwaten acca da nama. Da ta ga wani akawu yana leƙen kwanon yana ja da baya, sai ta ce, "Malam, wajen mahaucin da kake saye na sayo, ci abinka." Kiristocin babu wanda ya taɓa abinci sai da aka kira magariba, aka sha ruwa, aka yi salla. Hajiya Furera ba ta samu zuwa ba, jikin tsohuwa ya tashi, amma ta aiko da kunu.

Alhaji Nasiru ya yi jawabi, ya ce wannan tsari mai kyau shugabannin ofis ne suka ga dacewarsa. Ramla ta ciji leɓe. Aka miƙa wa Baba Markus rediyo da bargo. Ya tashi zai yi godiya, ya ce, "Na zo garin nan ban san kowa ba," sai maganar ta tsaya masa. Matarsa ta ja shi ya zauna. Mutane suka taso suna ba shi hannu, ana neman gafarar juna.

Da aka fara haramar isha'i, Alhaji ya tsaya kusa da Ramla yana sa takalmi, ya ce baɗi za a nemi wani sakatare mai natsuwa. Ta ce to, ranka ya daɗe. Maza suka wuce masallaci, suka bar kofuna warwatse kan tabarmi. Ita da Anti Jummai suka kwashe su zuwa bakin famfo, Ramla tana wankewa da ƙarfi har ruwa yana fantsama. Baba Markus ya ajiye rediyonsa a kan benci, ya naɗe hannun riga, ya zo yana ɗauraye musu.